Fashin baƙi: Me ya sa ake hana bai wa yaro mai mura da zazzaɓi asfirin?

Me zai sa maganin da iyaye da kakanni suka sha shekara da shekaru, wanda har yau likitoci ke rubuta wa masu ciwon zuciya su sha kullum, a ce kada a bai wa yaro idan mura ta kama shi da zazzaɓi? Wannan tambaya takan taso da shigowar hunturu, lokacin da tari da majina da zafin jiki ke zagaya gidaje, kuma mutane da yawa sukan ɗauki hanin a matsayin tsananin taka-tsantsan na likitoci. Dalilin hanin wani ciwo ne da ake kira ciwon Reye, wanda ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa a lokaci guda. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru yana iya kashe yaro cikin 'yan kwanaki, ko ya bar shi da lahani a ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi damuna shi ne a wajenmu asfirin yana shiga bakin yara a ƙarƙashin wasu sunaye, shi kuma ciwon da yake jawowa yana kama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har a rasa bambancewa.

Mene ne ciwon Reye?

An sa masa sunan Dakta Douglas Reye, wani likita mai binciken cututtuka a asibitin yara na birnin Sydney a Ostareliya. A 1963 shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa bayanin yara 21 da aka kawo asibitin da alamomi iri ɗaya, 17 daga cikinsu suka rasu. Da aka duba gawarwakin sai aka tarar ƙwaƙwalwa ta kumbura, hanta kuma ta cika da ɗigo-ɗigon kitse ƙanana.

Ciwon ba ƙwayar cuta ba ne, don haka ba a ɗaukarsa daga wani. Yana biyo bayan wata cutar bairos ne da yaro ya riga ya kamu da ita, galibi mura mai zafi da ake kira infuluwenza, ko ƙarambau, wani lokaci kuma cutar amai da gudawa. Ya fi samun yara 'yan makaranta, daga shekara biyar zuwa sha huɗu, duk da cewa jarirai da matasa ma ba su tsira ba.

Yadda aka gano hannun asfirin a ciki

Kusan shekara ashirin aka yi ana ganin ciwon ba tare da an san abin da ke tayar da shi ba. A Amurka adadin masu kamuwa ya yi ta hawa a shekarun 1970, yana ƙaruwa duk lokacin da annobar mura ta ɓarke, har a 1980 aka ƙirga yara 555 a shekara guda. A daidai wannan lokaci ne aka yi bincike a jihohin Arizona da Michigan da Ohio. Masu binciken suka ɗauki yaran da suka kamu da ciwon Reye, suka kwatanta su da wasu yaran da suka yi irin murar ko ƙarambau ɗin amma suka warke lafiya, suka tambayi iyaye magungunan da aka ba kowane yaro. Sakamakon ya fito fili: kusan duk waɗanda ciwon ya kama an ba su asfirin, a ɗaya ɓangaren kuwa masu shansa ba su kai haka ba.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fara gargaɗi a 1980, babban likitan gwamnatin ƙasar ya fitar da sanarwa a 1982, sannan a 1986 aka tilasta wa kamfanoni rubuta gargaɗin a jikin kwalin maganin. Iyaye suka koma farasitamol, ciwon ya yi ta raguwa. Daga 1994 zuwa 1997 ba a samu fiye da yara biyu a shekara ba a duk faɗin ƙasar. Birtaniya ma ta hana bai wa 'yan ƙasa da shekara 12 asfirin a 1986, daga baya a 2002 ta ɗaga iyakar zuwa shekara 16. A Amurka shawarar ta kai har shekara 19 ga mai mura ko ƙarambau.

A cikin yara 1,207 da aka rubuta sun kamu a Amurka tsakanin 1981 da 1997, kusan kashi ɗaya cikin uku sun rasu, a ƙasar da ke da ɗakunan kulawa ta musamman da injinan numfashi. Mai karatu zai iya auna yadda lamarin zai kasance ga yaron da ke ƙauye, wanda sai an nemi mota kafin a kai shi babban asibiti.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A cikin kowace ƙwayar halitta ta hanta akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya. Su ne murhun ƙwayar, a nan ake ƙona kitse a samar wa jiki ƙarfi. A nan kuma ake fara aikin juya amoniya, wata guba da jiki ke samarwa idan ya narkar da furotin, zuwa sinadarin da ke fita ta fitsari. Cutar bairos takan raunana waɗannan sassa, shi kuma asfirin, bayan jiki ya juya shi zuwa salisilet, yana ƙara dagula aikinsu. A jikin wasu yara, haɗuwar biyun takan tsayar da aikin kusan gaba ɗaya.

Idan haka ta faru, kitsen da ba a ƙona ba sai ya taru a hanta. Sukarin jini ya faɗi, domin yaron ba ya cin abinci, hantar kuma ta kasa samar da wani. Amoniya ta taru a jini ta haura ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kai wanda ba ya buɗewa. Wannan kumburin ne ke kisa. Ita hantar, idan yaro ya rayu, takan warke sarai cikin 'yan makonni, lahanin da ke dawwama na ƙwaƙwalwa ne.

Akwai wani abu da ke ruɗar iyaye har da wasu ma'aikatan lafiya. Mun saba cewa ciwon hanta yana zuwa da shawara, ido ya yi rawaya. A ciwon Reye ido yakan kasance fari tas, ko da hantar ta taɓu sosai. Wanda ya tsaya jiran ganin rawayar ido kafin ya yi zargin hanta zai makara.

Yadda yake bayyana, mataki-mataki

Mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara bakwai, mai nauyin kilo 20. Ranar Litinin ya dawo daga makaranta da zazzaɓi, ciwon kai, tari da ciwon jiki. Kakarsa ta ce a ba shi rabin hodar ciwon kai da take sha, ai ita ce ke sauke zafin jiki nan take. Aka dama masa a ruwa safe da yamma har kwana uku. Ranar Alhamis zazzaɓi ya sauka, ya ci tuwo, ya fita wasa ƙofar gida, kowa ya ce Alhamdulillahi.

Daren Juma'a sai amai ya fara. Ba irin wanda yaro zai yi sau ɗaya ya huta ba, amai ne babu ƙaƙƙautawa, ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo, kuma babu gudawa, jikinsa ma ba zafi sosai. Da safe ya yi lakwas, barci kawai yake so, a tashe shi ya amsa da ƙyar ya koma. Zuwa yamma halinsa ya juye. Yaron da aka sani da sanyin hali ya koma ihu, yana duka, yana ture mahaifiyarsa kamar bai san ta ba, yana surutai marasa kan gado, numfashinsa yana fita da sauri da zurfi. A gidaje da yawa a nan ne za a ce iska ce ta taɓa shi, a nemo mai ruƙiyya ko a turara masa hayaƙi, dare ya wuce. Washegari jiki ya sandare, ya fara jijjiga, ya suma.

Tsarin da ya kamata a riƙe shi ne wannan: yaro ya yi mura ko ƙarambau, ya fara samun sauƙi, sai bayan kwana uku zuwa biyar da fara ciwon, wani lokaci har mako guda, amai mai tsanani ya taso, sannan hankali ya fara canzawa. Daga fara aman zuwa suma kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kacal. Yaron da aka kai asibiti yana matakin amai da kasala yakan warke gaba ɗaya, wanda aka kai bayan ya yi doguwar suma shi ne ke cikin haɗarin mutuwa ko nakasa. A jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu aman ba lallai ya fito fili ba, an fi ganin gudawa da saurin numfashi da jijjiga.

A asibiti babu gwaji guda da ke cewa ga ciwon Reye, ana haɗa alamomi ne. Gwajin jini zai nuna sinadaran hanta sun haura ninki uku ko fiye, amoniya ta yi yawa, sukari ya yi ƙasa, jini yana jinkirin daskarewa, amma sinadarin da ke kawo shawara yana nan daidai ko ya ɗan ɗaga kaɗan. Idan aka ɗebi ruwan ƙashin baya za a same shi garau, abin da ke raba shi da sanƙarau. Babu maganin da ke kashe ciwon kai tsaye. Ana ƙara wa yaro ruwa mai sukari ta jijiya, a ɗaga kan gadonsa, a ba shi maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa irin su manitol, a ba shi bitamin K saboda zubar jini, idan numfashi ya gaza a sa shi a inji, har jiki ya farfaɗo da kansa.

Inda matsalar take a wajenmu

Duk likitan da ke aiki a Kano ko Maraɗi, aka kawo masa yaro da amai da jijjiga da suma da ƙarancin sukari, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai zai fara kawowa a ransa, kuma yana da gaskiya, domin shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Idan lokacin zafi ne ya yi tunanin sanƙarau. Yara da yawa a yankinmu suna ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu ko da ba ita ce ta kwantar da su ba, saboda haka gwaji zai iya nuna akwai ta alhali wani abu dabam ne ke cin yaron. Gwajin amoniya kuwa sai manyan asibitoci. Abin da zai iya karkato hankalin likita shi ne labarin da iyaye suka bayar, shi ya sa nake roƙon duk wanda zai kai yaro asibiti ya tafi da kwali ko takardar duk maganin da aka ba shi, har wanda maƙwabciya ta kawo, ya faɗi gaskiya ba tare da tsoron faɗa ba.

Sau da yawa idan aka tambayi uwa ko ta ba shi asfirin za ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta ba shi Alabukun, wanda kowace takarda ɗaya ke ɗauke da asfirin miligiram 760 da sinadarin kafeyin miligiram 60. Rabin takardar da aka dama wa yaron misalinmu ya zarce ƙwayar asfirin ta manya guda ɗaya mai miligiram 300. Akwai Phensic, akwai Alka-Seltzer da ake jefawa a ruwa yana tafasa, akwai Vasoprin na masu hawan jini da ciwon zuciya da ke ajiye a ɗakin Baba ko Kaka. A Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci akwai Aspégic, wanda har yana da ƙananan takardu na yara. Hanyar ganewa ita ce duba jerin sinadaran da ke jikin kwali. In an ga Aspirin, ko acetylsalicylic acid, ko acide acétylsalicylique, ko wata kalma mai ɗauke da salicylate, to a ajiye shi. Wannan ya haɗa da maganin gudawa mai bismuth subsalicylate, da wasu mayukan da ake shafa wa dasashin jariri lokacin haƙori masu choline salicylate.

Mafi haɗari shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis ko a tiren mai tallan magani, ƙwayoyi huɗu ko biyar babu kwali babu suna. Uwa ta ce, "Malam, a haɗa mini na zazzaɓi, na yaro ne," a ƙulla mata ta tafi. Wanda bai san abin da ke cikin ƙullin ba, ba shi da hanyar sanin ko da asfirin a ciki. Tambaya ɗaya ta isa: "Malam, akwai asfirin a ciki? Nuna mini kwalin." Mai kemis na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba.

Kuma a farkon zazzaɓi babu uwar da za ta iya bambance mura da maleriya da ƙarambau ɗin da ƙurajensa ba su fito ba tukuna. Saboda haka dokar da ta fi sauƙin bi ita ce kada a bai wa duk wanda bai kai shekara 16 ba asfirin don zazzaɓi ko ciwon jiki, ko mene ne ake zaton ya kawo shi. Asfirin yana kuma hana jini daskarewa, abin da ke ƙara haɗari idan zazzaɓin na Lassa ne ko dengi.

Masu ja da wannan bayani

Akwai likitocin da suka yi jayayya, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Sun ce miliyoyin yara sun sha asfirin suna mura ba abin da ya same su, an kuma samu waɗanda ciwon ya kama ba su taɓa shansa ba. Sun ƙara da cewa a shekarun 1980 ne aka fara gane wasu cututtukan gado da ke hana jiki ƙona kitse yadda ya kamata, waɗanda alamominsu suke daidai da na ciwon Reye. Da aka sake duba tsofaffin bayanai, an tarar wasu yaran da aka ce ciwon Reye ne ya kama su, musamman ƙanana, cutar gado ce ke damunsu. A ganinsu wani ɓangare na raguwar adadin ya samo asali ne daga ƙwarewar gano cuta.

Wannan gaskiya ne, kuma ya canza aikin likitoci. A yau idan yaro ɗan ƙasa da shekara uku ya zo da irin waɗannan alamomi, ko abin ya taɓa samunsa a baya, ko wani ɗan uwansa ya rasu ta irin wannan hanya, ana neman cutar gado tun farko. Wannan ya shafe mu, domin auren zumunci yana ƙara yiwuwar irin waɗannan cututtuka. Amma hujjar ba ta bayyana dalilin da ya sa ciwon ya kusan ɓacewa a tsakanin yara 'yan makaranta ba, a ƙasashe dabam-dabam, daidai lokacin da aka daina ba su asfirin. Ni a ganina lissafin ba shi da wuya. Asfirin ba ya warkar da mura, ba ya rage kwanakinta, zafin jiki da ciwo kawai yake saukewa, kuma farasitamol yana yin wannan aikin a farashi mai sauƙi. Haɗari komai ƙanƙantarsa, idan babu wata riba da ake samu a madadinsa, babu dalilin jefa yaro a ciki.

Yaran da likita ke rubuta wa asfirin

Hanin ba ya nufin asfirin haramun ne ga kowane yaro. Likitoci suna ba da shi ga masu cutar Kawasaki, wadda ke kumbura jijiyoyin jinin zuciya, da masu zazzaɓin gaɓoɓi da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, da wasu yaran da aka yi wa aikin zuciya. A nan amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa. Iyayen irin wannan yaro kada su dakatar da maganin da kansu don sun karanta wannan bayani. Abin da ake so shi ne da zarar ya kamu da mura mai zafi, ko ƙarambau ya shigo gidan, a sanar da likitansa a ranar, shi zai yanke ko a tsayar na ɗan lokaci ko a sauya da wani. Akan kuma shawarci irin waɗannan yara su yi allurar rigakafin mura da ta ƙarambau inda ake samunsu.

To me za a bayar?

Farasitamol ne zaɓi na farko, kuma da nauyin yaro ake auna shi: miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, duk bayan awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 200 zuwa 300. Idan na ruwa ne mai miligiram 120 a cikin mililita 5, mililita 10 ta ba shi 240, wanda ya yi daidai. Idan ƙwayar manya ce mai miligiram 500, rabinta ya isa. A yi awo da sirinji ko murfin awon da ke zuwa da kwalbar, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Shi ma farasitamol idan ya yi yawa yana lalata hanta, kuma hanyar da aka fi faɗawa wannan kuskure ita ce a ba yaro farasitamol sannan a ƙara masa maganin mura na ruwa wanda shi ma akwai farasitamol a cikinsa.

Ibufurofen ma yana sauke zazzaɓi, kuma ba a danganta shi da ciwon Reye kamar asfirin ba. Sai dai ba a bai wa mai ƙarambau, saboda yana ƙara haɗarin ƙurajen su rikiɗe su ci fata, ba a kuma bai wa yaron da amai ko gudawa suka ƙarar wa ruwan jiki, saboda ƙoda.

Sauke zafin jiki ba shi ne maganin cutar ba. A yankin da sauro yake, duk yaro mai zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya cikin kwana ɗaya, jaririn da bai kai wata uku ba kuwa asibiti za a nufa da shi kai tsaye. Wanda ya riga ya bai wa ɗansa asfirin a wannan makon, ya daina daga yanzu, ya kwantar da hankalinsa domin mafi yawan yara ba abin da zai same su, amma ya sa masa ido har mako guda bayan murar ta wuce. Idan amai ya taso ya ƙi tsayawa, ko barci ya yi yawa, ko yaron ya fara abin da ba halinsa ba, a kai shi babban asibiti a wannan daren, a kuma gaya wa likita tun a bakin ƙofa cewa ya yi mura kwanan nan kuma ya sha asfirin.